Ƙwayoyin cutar sun mutu, me ya sa jinin ɗana bai dawo ba?

"Ɗana ya gama maganin zazzaɓin cizon sauro a nan Zariya. An sake gwaji ba a ga ƙwayar cutar ba, amma an ce jininsa ya ƙara raguwa. Ko maganin bai yi aiki ba ne?"

Hajiya, maganin ya yi aikinsa. Ƙwayar cutar cikin jajayen ƙwayoyin jini take zama, ta hayayyafa ta fasa su. Amma ba nan ɓarnar ta fi yawa ba. Saifa tana kwashe lafiyayyun ƙwayoyi ma, ninkin waɗanda cutar ta shiga, ɓargo kuma yana sanyin jiki wajen ƙera sababbi. Shi ya sa jini kan ci gaba da sauka kwanaki bayan zazzaɓin ya tafi, sai an yi makonni kafin ya farfaɗo.

Duba takardarsa inda aka rubuta PCV, wato ma'aunin yawan jajayen ƙwayoyin da ke cikin jini. Yaro idan PCV ɗinsa ya sauka zuwa 15 cikin ɗari ko ƙasa, ana maganar ƙarin jini ne. Sai dai ni na fi damuwa da abin da idonki zai gani: tafin hannu ya yi fari fat, numfashi sama-sama, fitsari kamar baƙin shayi. Idan allurar maleriya mai tsanani aka yi masa, jini kan iya sake faɗuwa bayan mako ɗaya zuwa uku. Kika ga ɗaya cikin waɗannan, ki mayar da shi asibiti a ranar.