Farashin Turare Mai Daraja: ₦49,999 ko ₦50,000?

Tambaya: Ina sayar da turaren oud mai tsada a Kano. Shin in rubuta ₦49,999 ko ₦50,000?

Amsa: Shawarata ita ce ki rubuta ₦50,000. Ido yana fara karanta lambar hagu, shi ya sa ₦49,999 ke zama a ƙwaƙwalwar mai saye kamar dubu arba'in da wani abu, kuma dabarar tana aiki a kan kayan masarufi inda ake kwatanta farashin shaguna. Sai dai jerin tara yana ɗauke da ƙamshin rangwame, alhali wanda zai saka turarenki cikin lefe yana neman tabbacin daraja ne, ba ragin naira ɗaya ba. Idan kina so ki karyar da ragowar tsofaffin kwalabe, tara za ta taimaka, muddin aka nuna tsohon farashin a gefe.