Godiya ga 'yan kwamitin intabiyu

"Mutum uku suka yi mini intabiyu a nan Maradi. Yaya zan gode wa kowa ba tare da saƙon ya zama iri ɗaya ba?"

Malama, maganin yana cikin tambayoyinsu. Kafin ki manta, rubuta sunan kowa da abin da ya tambaye ki. Idan akanta ya yi maganar kasafin kuɗi, ki gode masa, ki ƙara bayanin da lokaci bai bari kin yi ba. Shugabar ma'aikata kuwa, ki taɓo maganarta kan zirga-zirga zuwa Tessaoua. Wanda bai ce komai ba, layi biyu sun ishe shi.

Ki aika daban-daban cikin awa 24. Sukan nuna wa juna saƙonni, sauya suna kawai ba ya ɓoyuwa. Ki duba muƙami da rubutun suna da kyau, nan aka fi yin kuskure.