Akori-kura ko bas, wacce yayana zai saya?

Oga barka da hutawa. Yayana ne ya tara ɗan jarinsa yana so ya sai motar kansa, ya gaji da biyan kuɗin lodi. Yana ɗaukar kayan provishin daga kasuwar Singa ta Kano zuwa kasuwannin ƙauye, in zai dawo kuma ya taho da masara ko gero zuwa Dawanau. Shi Hilux mai ƙofa huɗu ya ƙwallafa wa rai, abokinsa kuma yace bas Hiace tafi. Yace in tambaye ka tunda kai kake kwance su kullum.

Toh ɗana, abu na farko kace masa ya ajiye maganar sunan mota tukunna, ya ɗau takarda ya rubuta min me yake ɗauka a sahu ɗaya, kwali nawa in zai tafi, buhu nawa in zai dawo. Don kaya kala biyu ne a wajen mota. Akwai kayan da ke cinye wuri kafin su yi nauyi, irin kwalin taliya da biskit da omo da ledar famfas, zaka cika mota har rufi amma sifirin ko gezau bai yi ba. Akwai kuma kayan da ke cinye nauyi tun wuri bai cika ba, shine buhun hatsi, suga, gishiri, jarkar mai. Masara buhu goma tan guda ce cif, tunda babban buhu kilo 100 ake lissafa shi, kuma in ka jera su a bayan mota zaka ga kamar da sauran fili, to wannan sauran filin da ido ke gani shine yake kawo mana motoci gareji.

Ka tuna farantin ƙarfen nan ko sitika da nake nuna maka a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko cikin bonet? Akwai inda aka sa GVM ko GVWR, wato iyakar nauyin motar gaba ɗaya, ita da kayanta da mutanenta da man da ke tankinta. Mu ce ka ga 2,800, motar kuma in ba komai a cikinta tana 1,750, kaga abinda ya rage kilo 1,050 kenan. Amma fa ba duka na buhu bane, cire direba da yaron mota, wajen 130, cire ƙarfen da zai kai wa mai walda ya ɗaga masa bodi da jak da sifaya ta biyu da jarkar ruwa, mu ce 100. Saura 820. Buhu takwas kenan. Nasan zaka ce ai muna ganin ana ɗora sha biyar a kai kuma tana tafiya, eh tana tafiya, amma wa yake canza musu sifirin da boris ɗin aksul duk bayan wata uku? Mu ne ai. Kuma birkin da aka yi don tan uku ba zai tsayar da tan huɗu a inda ya saba tsayawa ba, ranar da akuya ko yaro ya gifta a titin Wudil ranar Juma'a a nan mutum zai gane.

Yanzu ga matsalar mai ƙofa huɗun da ransa ke so. Kyau kam tana da shi, in kaje ɗaurin aure ma a baka wuri. Amma kujerar bayan nan ta cinye bodin, tsawon bayanta bai wuce mita ɗaya da rabi ba, alhali mai ƙofa biyu tana kai mita biyu da 'yan kai. Kuma abinda mutane basa lura da shi, a mai ƙofa huɗu rabin bodin ko fiye a bayan aksul yake zaune, in ka loda buhu har ka buɗe marfin baya ka ƙara biyu a kai, nauyin sai ya danne gindinta ya ɗage gabanta, sitiyari yayi sakwa-sakwa a hannu kamar motar na yawo a kan ruwa, fitila ta koma haska sama. Na taɓa karɓar wata a nan garejin tun kafin kazo, mai ita ɗan kasuwar hatsi ne, shasi ya lanƙwashe daidai tsakanin kai da bodi, in ka tsaya a gefe zaka ga ratar da ke tsakaninsu ta buɗe daga sama kamar bakin almakashi. Rami ɗaya ya faɗa da gudu da lodin da ya zarce baya. Mun miƙar mun ɗaura mata faranti mun yi walda, amma wallahi har ya rabu da ita tana cin taya gefe guda. Ga tsada, kuɗin mai ƙofa huɗu ɗaya mai lafiya zai iya sai masa mai ƙofa biyu har ya samu ragowar jarin da zai zuba mata kaya.

Bas kuma, in an cire kujeru, wajen kwali babu kamarta. Ruwan Agusta bazai taɓa kayan ba, ƙurar hunturu bazata shiga ba, in ya tsaya sallah ya kulle ƙofa hankalinsa kwance ba mai zare masa kwali. Ita ma wajen tan guda take ɗauka ko sama kaɗan, ka duba farantinta dai kar ka ɗauka don cikinta da faɗi to ƙarfinta ma ya ninka. Inda take kasawa shine hanya, cikinta kusa da ƙasa yake, gabanta kuma ya zarce tayar gaba sosai, in burji ne mai kyau ba komai, amma in akwai kwazazzabo ko yashi ko taɓo da damina zata dinga dukan ƙasa tana kafewa. Sannan yawancin bas ɗin da zai samu da sauƙin kuɗi tsofaffin 'yan haya ne da suka gama yawon tasha, an musu fenti kawai.

Don haka ni a ganina in kasuwannin nasa na bakin kwalta ne irin Dambatta ranar Lahadi ko Wudil, kuma kwali yafi yawa a cinikinsa hatsin ɗan na dawowa ne buhu shida bakwai, ya sai bas. In kuwa hatsin ne uwar sana'ar kuma yana kutsawa cikin ƙauyuka, akori-kura mai ƙofa biyu, a ɗaga mata bodi a ɗinka tamfal mai kyau. Mai ƙofa huɗu a wannan sana'ar ni ban bashi shawara ba sam. In kuma lissafin da zai rubuto ya nuna buhu ashirin yake so a sahu, to duk biyun ba nasa bane, motar lodi irin Kanta yake nema ko ya ci gaba da biyan lodi.

Nasan wani zai ce masa ga Hijet da araha ga rashin shan mai. Motar kirki ce a inda aka yi ta don shi, injinta cc 660 ne, kilo 350 aka rubuta mata, buhu uku da rabi kenan fa. Daga Singa zuwa shago cikin gari ta isa har ta yi yawa, amma ba motar doguwar hanya da hatsi bace. Kuma da yawansu da sitiyarin dama suka shigo aka juya shi a nan, in ma zai saya sai an duba yadda aka yi aikin juyin da kyau, don nasha ganin wanda aka haɗa da walda kawai.

Ranar da za'a je duban mota da kai za'a je, kuma ga abinda nake so ka yi. Ku je da sassafe injin na sanyi, in ka taɓa ka ji da ɗumi to dillali ya riga ya tada ta, kace gobe ma dawo. Kafin a kunna buɗe murfin lagireto, in kaga ruwan da maiƙo ko yayi kalar shayi da madara, ko an kunna kaga kumfa na ta tasowa ba tsayawa, gaskit ta ƙone ko kan injin ya tsage, a bas wannan ya zama ruwan dare saboda injin ƙarƙashin kujera yake, direba baya kula sai ya tafasa. Daga nan ka kwanta ƙarƙashinta da tocila, bi shasi tun daga gaba har baya, duk inda kaga sabon baƙin fenti a wuri ɗaya kankare shi da sukundireba, walda ake ɓoyewa. Ka ƙirga ganyen sifirin dama da hagu su zo ɗaya, in kaga an ƙara ganye biyu uku to motar tasha lodin da yafi ƙarfinta, ƙarin ganye yana hana ta zaunawa ne kawai, baya ƙara wa aksul ko birki ko shasi komai. Sai ku hau titi, a kai gudu 60 zuwa 80 a saki totur, in kaji tana kuka uuu daga baya aksul ne, kuɗi ne mai kauri, a cire shi daga farashi ko a haƙura.

Taya kuma kar ka yarda a rufe ka da cewa sabbi ne. Karanta jikinsu. Ta lodi zaka ga C a ƙarshen lambar, kamar 195R15C, da 8PR da 106/104, wannan 106 ɗin kilo 950 kenan kowace taya. Tayar ƙaramar mota mai lamba 91 kilo 615 kawai take ɗauka, biyun baya 1,230, kuma kusan duk nauyin buhun a kansu yake sauka ga nauyin motar kanta, ga zafin kwalta a watan Afrilu, fashewa ce kawai ta rage. Lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT kuma shekarunta ne, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, in ta haura shekara biyar shida ko zanenta na nan ka lissafa kuɗin sabbi.

Inji ka tsaya kan wanda kayansa ke Ƙofar Ruwa kuma bakaniken ƙauye zai iya taɓawa, na fetur irin 2RZ, 3RZ ko 2TR duk sarƙa ce ke juya taimin ɗinsu basu da fitina. 5L na gas yana da juriya amma bel ne, in an saya ranar farko a canza shi don ba wanda yasan yaushe aka sa na ciki, in ya tsinke a hanya bawul yake lanƙwasawa. Lambar shasi ta jikin ƙarfe kuma ka haɗa ta da ta takardar kwastan harafi bayan harafi kafin ya miƙa ko sisi.

Sai abu ɗaya da nake so yayi tun kafin duk wannan, tunda aka cire tallafin mai a 2023 lissafin ya canza. Mu ce zuwa da dawowa kilomita 150 ne, motar da lodi tana shan lita 13 a kilomita 100, kusan lita 20 kenan a sahu, raba wa buhu takwas, lita biyu da rabi kowane buhu in da wofi ya tafi. Shi sa'arsa yana tafiya da kwali, to man ya rabu biyu. Ya ɗora kuɗin baƙin mai da taya da takardu da na tasha da ɗan abinda zai dinga warewa na gyara, ya gwada da abinda yake biya yanzu a buhu da kwali. In kasuwa ɗaya yake ci a sati motar na kwana shida a ƙofar gida bazata fitar da kanta ba, sai ya samu uku ko ya dinga ɗaukar wa 'yan layinsu lodi.

Kace masa yazo gareji ranar Asabar bayan la'asar da takardar nan, kuma kar ya ba dillali ko kuɗin kafin alƙalami sai mun ɗora motar a kan rami na leƙa ƙarƙashinta da idona.