Neman ƙarin lokacin miƙa kundi: abin da ya same ni a 2021

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina ajin ƙarshe a sashen nazarin aikata laifuka, bincikena a kan masu jiran shari'a ne a gidan gyaran hali. Sai da izinin shiga ya yi mako shida kafin ya fito. Cikin mutum 60 da zan tattauna da su, 22 kawai na samu, kuma saura kwana 10 a miƙa kundi. Yaya zan rubuta wa malamina takardar neman ƙarin lokaci ba tare da ya ɗauka lalaci na yi ba?"

Wa'alaikumus salam ƙanena. Wallahi da na karanta saƙonka sai da gabana ya faɗi, domin na sha wannan ruwan. Kafin komai, ka rubuta takardar yau, ka kai ta gobe da safe da hannunka. Wanda ya nemi ƙari da sauran kwana 10, tsari ya zo da shi. Wanda ya zo ana gobe rufewa, uzuri ya kawo, kuma malamai sun gaji da jin uzuri.

Ni nawa binciken a kan satar shanu ne, dillalan kara nake son ji daga bakinsu, a wajen Tsafe. Kun dai san yadda 2021 ta kasance mana a Zamfara: aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar shanu, farkon Satumba kuma aka datse layukan waya. Mutanen da nake nema duk suka watse, ba kasuwa, ba kira. Maimakon in je in faɗa wa malamina halin da ake ciki, sai kunya ta hana ni. Na sami wani ɗan garin da muka taɓa zama unguwa ɗaya a Gusau, na ba shi takardun tambayoyi 80 da kuɗin mota, kuɗin da mahaifiyata ta sayar da tunkiyarta ta ba ni. Ya rantse mini ya san gidan kowane dillali. Bayan kwana tara ya dawo da su cif, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Har addu'a na yi masa!

Ranar da na kai wa Malam, bai ce komai ba. Ya zaro guda goma ya jera a kan tebur, ya sa yatsa a kan tambaya ta 7. Biro ɗaya, shuɗi, har inda yake tsiyaya iri ɗaya. Kowa ya ce shanu biyar aka sace masa. Takardun kuma fes, ba ƙura, ba naɗewa, alhali takardar da ta shiga kara ba ta fitowa haka. Ya ɗago ya ce, "Kai mai karantar laifi ne, gaya mini sunan wannan." Ban taɓa jin ƙasa ta yi mini nisa kamar ranar ba. Ashe ɗan garin nan a ɗakinsa ya zauna ya cike su duka, mutumin da na ci abinci kwano ɗaya da shi. Har yau in mun haɗu a masallaci yana miƙo mini hannu kamar ba abin da ya faru. Ban iya gaya wa mahaifiyata ba sai bayan na gama bautar ƙasa. Don haka in wani ya ce zai "ƙarasa" maka sauran 38 ɗin nan, ka guje shi. Jinkiri ana yafewa, bayanan ƙarya kwamitin ladabtarwa suke kai mutum.

Malam ɗin ne ya sa na zauna a gabansa na rubuta takardar neman ƙarin lokaci. Ta farko ya yaga, domin shafi biyu na cike da kuka da roƙo, ba kwanan wata ko ɗaya a ciki. Ya ce shi ba shi ya sa ranar miƙawa ba, sashe ne, don haka in ba shi abin da zai iya ɗauka ya nuna wa shugaban sashe. Wannan ka riƙe: malaminka kake rubuta wa, amma shugaban sashe ne zai karanta.

Sai ka yi lissafi kafin ka sa alƙalami. A ce kwana biyu ake barinka shiga a mako, kana samun mutum biyar a yini, goma ke nan a mako. Cike 60 zai ci maka kusan mako huɗu, ban da rubutu, kuma da wuya a ba ka. Amma in ka nemi a rage zuwa 40, saura 18, mako biyu. Ka ƙara mako ɗaya na babi na huɗu da na biyar, kwana 21 ke nan daga yau. Kana da 10 a hannu, to ka nemi ƙarin 14, ka bar 'yan kwanaki saboda ranar da za ka je a ce yau an kai su kotu. Da Turanci za ka rubuta, amma ga ƙashin bayanta, bayan suna da lambar rajista da taken bincike:

"Ina neman ƙarin kwana 14 a kan ranar miƙa kundina. Na miƙa takardar neman izinin shiga ranar kaza, izinin ya fito ranar kaza, bayan mako shida. Kwafin duka biyun na haɗe. Babi na ɗaya zuwa na uku sun kammala, kuma na tattauna da mutum 22 cikin 60. Ina roƙon amincewarka in tsaya a 40, in gama tattara bayanai ranar kaza, in kawo maka babi na huɗu ranar kaza, cikakken kundi kuma ranar kaza. Idan hakan ba zai yiwu ba, ina neman shawararka kan yadda zan yi aiki da abin da ke hannuna."

Shafi ɗaya ya isa. Kada ka zagi ofishin da ya riƙe izinin, ranakun da kansu za su yi magana, kuma har yanzu ta ƙofarsu kake shiga. Kada kuma ka haɗa takardun da aka cike in akwai sunayen mutanen a jiki. Masu jiran shari'a ne, kotu ba ta kama su da laifi ba, amana suka ba ka. Lamba za ka sa wa kowa, ba suna ba. Ni wannan abin yana damuna ƙwarai, na sha ganin ɗalibai sun bar irin waɗannan takardu a shagon buga takardu kowa na ɗagawa.

Af, na manta, ka fara tambayar jami'in da ke kula da kundaye a sashenku ranar da malamin waje zai zo tantancewa. Wannan ranar ce malaminka ba zai iya motsawa ba. In ƙarin da ka nema ya tsallake ta, sunanka ba zai shiga sakamakon da za a kai majalisar jami'a ba, sai ka jira zagaye na gaba, abokanka su tafi sansani su bar ka. Ka buga kwafi biyu, a sa hannu da kwanan wata a ɗaya ka riƙe, domin "na ji, ba komai" a bakin ofis ba hujja ba ce.

Ni mako uku aka ba ni. Na watsar da 80 ɗin can, na bi dillalan da suka dawo Gusau gida gida, na sami 17 na gaskiya, na mayar da aikin hira mai zurfi, na gyara babi na uku na bayyana dalili ƙarara. Ranar kare kundi, a kan wannan ragin malamin waje ya fi tsayawa, na kuwa amsa masa ba gargada tunda ni na zauna da kowannensu. Ka rubuta taka yanzu, ka sa ranakun gaskiya a inda na ce "kaza", ka turo nan kafin la'asar in duba maka. Allah Ya sa Malam ya karɓa.