Lissafin kwana da kuɗin fassarar Turanci zuwa Filipino

Tambaya: "An ba mu littafin horar da ma'aikata, shafi 300, a fassara daga Turanci zuwa Filipino. Kwana nawa zan faɗa wa mai aikin, nawa kuma zan nema?"

Malam, kada ka yi ciniki da shafi, domin wani shafin hoto ne zalla, wani kuma cike yake da rubutu. Saka fayilolin a manhajar fassara irin Trados ko memoQ ta ƙirga maka kalmomi. A kan kalmomin Turancin ake yanke kuɗi, saboda Filipino yakan fi tsawo: "ang", "ng" da "mga" kaɗai suna ƙara adadin, kuma mai aiki ba ya son kuɗin da bai sani ba tun farko.

A ce ka samu kalma 80,000. Sababbi 50,000, a biya su cikakke. Masu kama da jimlolin da aka riga aka fassara 15,000, a biya kashi 60 cikin ɗari, sun zama 9,000. Maimaici 15,000, a biya kashi 30, sun zama 4,500. Jimilla 63,500. Idan ka nemi senti 8 na dala kan kalma, dala 5,080 ke nan. Mai bita kuwa duk 80,000 ɗin zai karanta, a senti 3 dala 2,400. Farashin misali ne, fara jin ta bakin mafassaranka.

Mafassari yana yin kamar kalma 2,000 a rana, wato kwana 32 ga mutum ɗaya, ko 11 ga mutum uku. Mai bita ya zama guda ɗaya tak, yana biye da su, ya gama kwana uku bayansu. Ƙara uku na haɗa jerin kalmomin fannin, uku na gyaran shafi, don rubutun zai fita daga akwatunan jadawali. Ranakun aiki 20 ke nan. Ka ce 25.

Abin da ya fi rusa wannan lissafin shi ne rashin tsayar da salo tun farko. Shin Filipino na hukuma ake so, irin wanda hukumar harshen, Komisyon sa Wikang Filipino, ke tsara ƙa'idar rubutunsa, ko Taglish, gaurayen Filipino da Turanci da ma'aikata ke yi a Manila, inda ake barin kalmomin fasaha da Turanci? "Ikaw" za a ce wa mai karatu, ko "kayo" na girmamawa? Ga kuma "we": in kamfani ya haɗa da mai karatu "tayo" ne, in ya cire shi "kami". Mutum uku, kowa zai zaɓi nasa, sai bita ta koma sabuwar fassara. Don haka a fassara kalma 500 na gwaji, mai aikin ya amince a rubuce kafin a ci gaba.

Duba kalanda ma. Makon Ista da ƙarshen Disamba aiki na tsayawa a Filifin, kuma Manila ta riga Najeriya da awa 7, tambayar da ka tura bayan azahar sai gobe za ka ga amsarta.