Haɗa gefen rigar saƙa ba tare da ɗinki ya fito ba

"Hajiya, na saƙa wa jaririn ƙanwata rigar sanyi, amma da na haɗa gefe sai ya yi tudu. In sake sayen zare ne? Ga suna ya matso." Wata baiwar Allah, Aboabo

Kwantar da hankalinki 'yata, ko sidi ɗaya kada ki ƙara kashewa. Warware ɗinkin kawai. Shimfiɗa gaba da baya gefe da gefe, fuskar saƙar tana kallonki. Ɗan buɗa tsakanin idon farko na baki da na biyu, za ki ga gajerun zare a kwance kamar matakalar tsani. Su za ki riƙa ɗauka, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, daga ƙasa zuwa sama. Kowane karo ki mayar da allura ramin da ta fito a wancan gefen. In kin yi kamar santimita 3, ja zaren a hankali har bakunan su sumbaci juna. Idon bakin zai koma ciki, zaren ya ɓace.

In wurin ya tattare, kin ja da ƙarfi, miƙar da shi ya saki. In layin ya karkace, kin tsallaka zuwa ido na uku. Idan kuma gaba layi 60 ne baya 64, ki ɗauki biyu-biyu sau huɗu a gefen da ya fi tsawo, a rarrabe, kada ki tara su a hammata.

"In kai wa tela ya bi da keke?" Daga Asawase

A'a. Ɗinkin keke ba ya miƙewa tare da saƙa. Kin iya saƙa riga guda, haɗa gefe ne zai gagare ki?

"Wace allura zan saya a Kejetia?" Daga Sabon Zango

Mai dakusasshen baki da faffaɗan hanci. Mai tsini tana tsaga zare, ranar da kika so warwarewa sai kuka.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaren. Mace ta sayi ƙulli uku don tsimi, ya ƙare a hannun riga, ta koma kasuwa ta ɗauko wani wai ai duk shuɗi ne. Rini ya bambanta! Wannan ɗinki yana ɓoye zaren haɗi, ba ya ɓoye gaba mai duhu da baya mai haske. Ki duba lambar rini a takardar ƙullin, ki saye su rana ɗaya, ki ƙara ɗaya a kai. Wanda ba shi da takarda, fito da shi rana ki gwada su, ki ja tsakanin hannuwanki. In ya tsinke da sauƙi bai isa haɗa gefe ba. Kuma don Allah a daina ɗora dutsen guga a kan zaren roba don ɗinki ya kwanta. Zafi na kashe shi, ya yi sheƙi ya saki, kuma ba ya dawowa.