Amsar Adda kan gyaran gira ba tare da aski ba

Tambayar da aka turo a gurup: "Salam Adda. Ina da amarya ranar Asabar a Pantami, ta ce kada reza ta taɓa mata gira. Girar tana da cika, jelar ta sauko ƙasa, kuma duk sanda na ja mata sai ta fito baƙa ƙirin kamar an manna. Ya zan yi?"

Ga muryar da Adda ta turo, an rubuta ta saboda masu ƙarancin data:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki yi haƙuri, tun safe na ga saƙonki, sai yanzu na sallami mutane. To, ki bar ta da ra'ayinta, yawancin amarenmu na Gombe haka suke saboda hadisin da ya hana cire gashin gira, kuma aikin yana yiwuwa ba tare da an cire ko sili ɗaya ba. Ni abin da nake zargi shi ne kina ja da layi ɗaya daga farko har ƙarshe, alhali gashin ba hanya ɗaya yake bi ba.

Kafin ki ɗauki jagira, ki wanke mata wurin, ki goge duk wani mai, sannan ki zaunar da ita a bakin taga ki kalli girar sosai. Za ki ga ta kasu uku. Kan girar, wato na kusa da hanci, gashinsa tsaye yake yana kallon sama. Na tsakiya ya kwanta a karkace, yana tafiya sama da gefe. Na jela kuwa ya juya yana gangarawa wajen kunne, har ma a wurin na sama yana saukowa ya haɗu da na ƙasa. Duk zanen da za ki yi, ki bi wannan kwanciyar. Idan kika ja layi a kwance a kan girar, inda gashi yake tsaye, ido zai ga zane daban gashi daban, shi ne abin da kike cewa kamar an manna.

Sai awo. Ki ɗora jagirar a gefen hanci ta miƙe sama ta bi ta kusurwar ido ta ciki, nan gira za ta fara. Ki karkata ta ta bi gefen baƙin ido na waje, amarya tana kallon gaba, nan ne tudun. Ki ƙara karkatawa ta bi kusurwar ido ta waje, nan jela za ta tsaya. Ki ɗiga alama uku a kowane ɓangare. Abin da nake so ki riƙe a nan: ƙarshen jela kada ya sauka ƙasa da inda kan ya fara. In ya sauka, fuskar sai ta yi kamar mai shirin kuka, kuma a hoton kamu abin ya fi fitowa.

Bari in ba ki misali da wata da na yi wa a Jekadafari, irin taki ce sak, har da ɗan gurbi a tsakiyar girar hagu. Na ɗan jiƙa burushin maskara mai tsabta, na goga a kan sabulu mai garai-garai ɗin nan, in kina da jel na gira ma ya yi. Na taje kan sama, tsakiya sama da gefe. Da na zo jela, ban tilasta mata ta tsaya ba, don in kika tayar da gashin jela gaba ɗaya zai yi tsaye na ɗan lokaci, zufa na zuwa ya dawo ya bar zanenki a sama shi kaɗai. Ɗagawa kaɗan na yi, na miƙar da shi wajen saman kunne maimakon ƙasa, na danne da bayan burushin, na bar shi kamar minti 2 ya bushe. Wannan tazar kaɗai ta gyara rabin siffar tun ban zana komai ba. Amma sabulun ya zama kaɗan, in ya yi yawa zai bushe ya yi fari-fari, balle lokacin hunturu, kuma jagira ba za ta kama a kansa ba.

Daga nan na fere jagirar bakinta ya yi tsini sosai. Sili-sili nake zanawa, kowanne bai wuce tsawon gashinta ba, daga saiwa zuwa baki, ina ɗage hannu a ƙarshe don ya sirance. A gurbin nan na hagu sili biyar ko shida na saka, a karkace kamar maƙwabtansu, na tsaya. Sabuwar jelar kuma a gefen sama na ƙara ta. Kan girar kusan ban taɓa shi ba, sili biyu a tsaye, sai na taje da burushi ya baje. A gira ta Allah, kai ya fi haske, duhun yana taruwa ne daga tudu zuwa jela, to haka za ki bar shi.

Sauran silin da suka sauko ƙasan layin, su ne aikin konsila. Na fara kwantar da su da jel a hanyar da suke bi, sannan na ɗiga konsila da siririn burushi mai faɗin baki, na danna da hoda. Dannawa ake yi, ba gogawa ba, in kika goga saɓanin gashin zai tashi ya leƙo. Konsilar ƙasa ta fi fatarta haske da mataki ɗaya kawai, ta sama kuma daidai da fatarta, in ba haka ba filashin mai hoto zai fito da farin zobe a kewayen girar. Gaskiya kuma ki faɗa mata tun yanzu, konsila tana ɓoye sili kaɗan ne, ba ta mayar da gira mai kauri siririya. Na kusa da ita zai ga alamar gashin in aka matsa da yawa.

Batun kala, ki ajiye baƙar jagira. Gashinta baƙi ne dama, abin da kike cikewa fatar da ke tsakanin gashin ce, don haka ruwan ƙasa mai duhu ya ishe ki. Ki gwada a gefen goshinta, ba a bayan hannunki ba. In ya yi ja-ja a fatarta, ki nemi wanda ya ɗan karkata zuwa toka.

In kuma rini take so wanda zai kwana biyu, a nan ne nake roƙonki ki yi hattara. Dayis ɗin da ake zanen hannu da shi da rinin gashin kai, kada ki kai su kusa da ido. Da yawansu suna da sinadarin da ake rubutawa PPD a jikin kwali, yana sa wasu ƙaiƙayi da kumburi har da ƙuraje masu ruwa. Na taɓa ganin wadda aka shafa wa a wani wuri, ta zo mini ana gobe biki fatar idonta a kumbure, ban iya sa mata komai ba, asibiti na ce a kai ta. Jan lalle kuma fatar zai rina ta koma ruwan lemo. Rinin da aka yi domin gira za ki nema, ki ɗiga kaɗan a bayan kunnenta ki jira awa 48. Tunda Asabar ne bikin, ki gwada Laraba da safe, in ba ja ba ƙaiƙayi sai ki yi rinin Juma'a. Ki zagaye girar da basilin, ki fara shafawa daga jela, kai ya zama na ƙarshe kuma shi za ki fara gogewa, ki bi mintocin da aka rubuta a kwalin kada ki ƙara. Gogewar ma da auduga mai laima, ki bi kwanciyar gashin.

Ki ɗauko mini hoton girarta yau ba kwalliya, ɗaya ta gaba ɗaya ta gefe, a hasken rana, in nuna miki inda tudunta zai zauna.